Hutun da ya faɗa Asabar da Lahadi: yadda aka yi da Kirsimeti da Sabuwar Shekara a ƙarshen 2021

A ƙarshen shekarar 2021 ranakun hutu uku suka faɗa ƙarshen mako cikin kwana takwas. Kirsimeti, 25 ga Disamba, ta kama Asabar. Washegarinta, 26 ga wata, wadda ita ma ranar hutu ce a ƙasashe da yawa, ta kama Lahadi. Ranar 1 ga Janairun 2022 kuma ta sake kamawa Asabar. Ga ma'aikacin da ke aiki Litinin zuwa Juma'a, duka ukun sun zo ne a ranakun da dama can yana gida, sai tambaya ta taso: za a rama masa, ko sun wuce ke nan?

Ba wani abin mamaki ba ne ranakun su haɗu haka. Shekara kwana 365 ce, wato mako 52 da kwana ɗaya, shi ya sa kowace rana mai tsayayyen kwanan wata ke matsawa gaba da kwana ɗaya a mako duk shekara, ko kwana biyu idan an ratsa 29 ga Fabrairu. Tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara kuwa kwana bakwai ne cif, don haka duk ranar da ɗaya ta faɗa, nan ɗayar za ta faɗa. An ga irin wannan a 2010, za a sake gani a 2027 da 2032. Tun shekaru kafin lokacin ana iya sanin ranar da kwanan watan zai faɗa. Ranar da za a rufe ofis ce kalanda ba ta faɗa wa kowa, domin hutun madadi ba ya zuwa da kansa. Sai an samu rubutaccen abu da ya haife shi: ko doka ta riga ta tsara shi, ko mai iko ya ayyana shi da sanarwa. Inda babu ɗayan biyun nan, hutun ya tafi.

Inda doka ke matsar da ranar da kanta

A Amurka, ma'aikatan gwamnatin tarayya masu aikin Litinin zuwa Juma'a ba sa jiran sanarwar kowa. Ƙa'idar a rubuce take: hutun da ya faɗa Asabar ana yin sa ranar Juma'ar da ta gabace shi, wanda ya faɗa Lahadi kuma ana yin sa Litinin mai biye. Ɓangaren Asabar yana cikin dokar tarayya, ɓangaren Lahadi yana cikin umarnin shugaban ƙasa na 1971. Da wannan lissafi aka yi hutun Kirsimeti ranar Juma'a 24 ga Disamba, aka yi hutun Sabuwar Shekarar 2022 ranar Juma'a 31 ga Disamban 2021. Wato hutun shekara ɗaya ya koma cikin shekarar da ta gabace ta. Duk wanda ya buɗe jerin hutun 2022 yana neman ranar da za a huta a farkon Janairu, bai samu komai ba, Litinin 3 ga wata ranar aiki ce cikakkiya. Ranar 26 ga Disamba ba ta cikin jerin hutun tarayyar Amurka, don haka babu maganar rama ta.

Ko a cikin ƙasar ba kowa wannan ƙa'ida ta ɗaure ba, kuma nan mutane suka fi rikicewa. Bankunan da ke ƙarƙashin babban bankin Amurka suna rufewa Litinin idan hutu ya faɗa Lahadi, amma idan ya faɗa Asabar suna buɗewa ranar Juma'a kamar kullum. Kasuwar hannun jari ta New York ta rufe ranar 24 ga Disamba, amma ta yi ciniki ranar 31, domin ƙa'idarta ta keɓe irin ranar da ake rufe lissafin wata ko na shekara. Juma'a ɗaya ce, ofishin gwamnati a rufe, banki a buɗe, kasuwa a buɗe. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa dokar tarayya ba ta tilasta musu ba da hutun ba tun farko, abin da ke cikin yarjejeniyar aiki shi ake bi.

Afirka ta Kudu ma doka ce ke aiki, sai dai rabin hanya take rakiya. Dokar ranakun hutu ta 1994 ta ce idan hutu ya faɗa Lahadi, Litinin mai biye ta zama ranar hutu. Ba ta ce komai game da Asabar ba. Saboda haka Litinin 27 ga Disamba ta zama hutu a dalilin 26 ga wata, amma Kirsimeti kanta da 1 ga Janairu suka wuce ba madadi. Cikin ranaku ukun nan, ɗaya kawai mai aikin Litinin zuwa Juma'a ya samu. Tushen wannan bambanci zamanin da Asabar take ranar aiki ce, ko rabin yini, lokacin da hutun Asabar hutu ne na gaske. Japan ma haka take, Lahadi kawai ake ramawa. Jamus kuwa ba ta rama ko ɗaya, a can duka ukun sun faɗa ƙarshen mako kuma ba a ƙara wa kowa rana ba.

Inda sai an ayyana

Ingila ta haɗa hanyoyin biyu a cikin mako ɗaya, kuma ita ta fi nuna yadda injin yake aiki. Dokar harkokin banki da kuɗi ta 1971 ta lissafa ranakun hutun banki. A cikinsu akwai 26 ga Disamba, matuƙar ba Lahadi ba ce, da kuma 27 ga Disamba a shekarar da 25 ko 26 ta faɗa Lahadi. A 2021 ranar 26 ta faɗa Lahadi, sai Litinin 27 ta zama hutu kai tsaye ba tare da an sa hannu a kan komai ba. Amma dokar ba ta tanadi rana ta biyu ba. Kirsimeti kanta ma ba ta cikin wannan jeri na Ingila, hutu ce ta al'adar shari'a tun kafin dokar. Talata 28 ga Disamba ta samu ne ta hanyar shelar masarauta, wadda dokar ta ba da ikon yi, kuma ake bugawa a gazet, jaridar gwamnati. Litinin 3 ga Janairu ma ta shela ta zo, domin hutun Sabuwar Shekara a Ingila da shela ake kafa shi kowace shekara. Ga mai kallo daga waje Litinin da Talata duk hutu ne iri ɗaya, amma ɗaya doka ta haifa, ɗayar sa hannu. Abin da ya sa jama'a ba sa jin bambancin shi ne ana sanar da ranakun tun da wuri ƙwarai, kafin ma a buga kalandar shekara.

A Najeriya dokar ranakun hutu ba ta matsar da hutun Asabar ko Lahadi zuwa wata rana da kanta. Abin da ta bayar shi ne ikon ayyana rana ta musamman a matsayin hutu, kuma ta wannan ƙofa madadin ke shigowa. A Disamban 2021 Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya sanar a madadin gwamnatin tarayya cewa Litinin 27 da Talata 28 ga Disamba da Litinin 3 ga Janairu ranakun hutu ne. Sakamakon ya zo daidai da na Ingila, rana uku a madadin uku. Bambancin yana ga lokaci: sanarwar kan fito ne 'yan kwanaki kafin ranar. An saba da ita har mutane na ɗaukar ta dole ce, amma har sai ta fito, Litinin ɗin ranar aiki ce a hukumance, kuma manajan da ya rufe jadawali a kan zato ya yi caca ne, ko da yawanci yana ci.

Matakan ayyanawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ma'aikatar da ke kula da lamarin tana duba kalanda ta ga inda aka yi karo, ta tsara takarda mai ɗauke da sunan ranar mako da kwanan wata da dalilin hutun. Wanda doka ta ba iko, shugaban ƙasa ko sarki ko ministan da ke wakiltar gwamnati, ya amince. Sai a buga a gazet ko a fitar da sanarwa ga manema labarai. Daga nan babban banki da kasuwar hannun jari da kotuna da hukumar ma'aikata kowa ya fitar da tasa takardar ga mutanensa. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali shi ke faɗa wa akawu ko kuɗi za su motsa a ranar.

Idan Litinin ɗin ma hutu ce

Shekara ɗaya bayan haka aka ga inda dokar da ke aiki da kanta take cijewa. A 2022 Kirsimeti ta faɗa Lahadi. Dokar Afirka ta Kudu ta ce Litinin mai biye ta zama hutu, to amma Litinin ɗin 26 ga Disamba ce, dama can ranar hutu. Hutu biyu suka hau kan rana ɗaya, kuma dokar ba ta ce a ci gaba zuwa Talata ba. Sai da Shugaba Cyril Ramaphosa ya yi amfani da ikon da dokar ta ba shi na ayyana hutu, ya sa Talata 27 ga Disamba. Da bai sa hannu ba, da rana ɗaya ta salwanta. Ingila ba ta buƙaci haka ba, domin dokarta ta riga ta ambaci 27 ga wata idan 25 ta faɗa Lahadi. Japan ta toshe wannan rami ta wata hanya: tun 2007 madadin hutun Lahadi yana tafiya har sai ya iso rana ta farko da ba hutu ba. Shi ya sa a 2020, da 3 ga Mayu ta faɗa Lahadi kuma 4 da 5 duk hutu ne, aka rama ranar Laraba 6 ga wata. A ganinmu wannan lafazi, "rana ta farko da ba hutu ba", shi ya kamata duk mai rubuta dokar hutu ko ƙa'idar kamfani ya ɗauka. Wanda ya rubuta "Litinin mai biye" ya bar wa na bayansa rigima.

Mai aikin Asabar fa?

Duk bayanin da ya gabata na mai hutun Asabar da Lahadi ne. Asibiti da masana'anta da gidan mai da otal ba sa rufewa, kuma a nan ne tambaya mai kuɗi take: idan an matsar da hutu zuwa Litinin, Asabar ɗin ta daina zama hutu ne, ko hutun ya zama biyu?

New Zealand ta amsa wannan dalla-dalla a dokar hutu ta 2003, kuma amsarta ita ce a duba kowane ma'aikaci shi kaɗai. Idan Asabar ko Lahadin da hutun ya faɗa ranar aikinsa ce ta kullum, hutunsa na nan a ranar. Idan ba ranar aikinsa ba ce, sai ya koma Litinin ko Talata. Ba mai cin hutu ɗaya sau biyu.

A ɗauki ma'aikata huɗu a wuri ɗaya a New Zealand a makon Kirsimetin 2021. Na farko yana aiki Litinin zuwa Juma'a. Nasa mai sauƙi ne, Kirsimetinsa Litinin 27, washegarinta Talata 28, ya huta kwana biyu da albashi.

Ta biyu tana aiki Talata zuwa Asabar. Tunda Asabar ranar aikinta ce, Kirsimetinta ta tsaya a 25 ga wata. Idan ta yi aikin awa 8 a ranar, za a biya ta kuɗin awa 12, wato ɗaya da rabi, sannan a ba ta wata rana ta hutu da albashi. Lahadi 26 ba ranar aikinta ba ce, sai wannan hutu ya koma Talata 28, wadda ranar aikinta ce, ta huta a biya ta. Litinin 27 ba ta shafe ta da komai ba.

Na uku yana aiki Asabar, Lahadi da Litinin. Duka hutun biyu sun same shi a ranakunsu na asali, 25 da 26. Litinin 27, ranar da rabin gari ke gida, shi ranar aiki ce da kuɗin kullum. Irin wannan ma'aikaci ne ke zuwa ofishin albashi da fushi yana cewa an cuce shi, ya yi aiki ranar hutu ba a ƙara masa ba. Ba a cuce shi ba, ya riga ya karɓi nasa a ƙarshen mako.

Ta huɗu tana aiki Laraba zuwa Juma'a kawai. Hutunta ya koma Litinin da Talata, su ma ba ranakun aikinta ba ne, don haka babu hutu, babu kuɗi.

A Afirka ta Kudu lissafin ya sha bamban. Lafazin dokar ya ƙara Litinin ne, bai cire Lahadi ba, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙwadago ta yanke cewa Lahadin tana nan a matsayin ranar hutu. Dokar ƙwadagon ƙasar kuma ta ce wanda ya yi aiki a ranar hutu da ta dace da ranar aikinsa a biya shi akalla ninki biyu. Ke nan kalma ɗaya, "a maimakon" ko "ƙari a kan", tana iya sauya kuɗin da masana'anta mai aiki dare da rana za ta biya ma'aikatanta duka. A Birtaniya kuwa doka ba ta ba ma'aikaci haƙƙin hutawa a ranar hutun banki ba. Abin da ta ba shi makonni 5.6 ne na hutu a shekara, kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako, kuma mai kamfani na iya lissafa hutun banki a ciki. Ko za a ƙara kuɗi ranar 25 ko ranar 27, takardar ɗaukar aiki ce ke faɗa. Takardar da ta ce "ranar Kirsimeti" da wadda ta ce "ranakun hutun banki" suna nuna ranaku daban a irin wannan shekara.

Inda lissafi ke karkacewa a ofis

Kuskure na farko a teburin lissafi yake faruwa. Watan Disamban 2021 yana da ranakun Litinin zuwa Juma'a guda 23. Akawu zai rubuta ranakun hutu a wani shafi na Excel, ya sa wannan don ƙirga ranakun aiki:

```
=NETWORKDAYS(DATE(2021,12,1),DATE(2021,12,31),H2:H3)
```

Idan abin da ya rubuta a H2 da H3 shi ne 25 da 26 ga Disamba, amsar za ta fito 23, domin kwamfuta ta riga ta cire Asabar da Lahadi, ba ta cire su sau biyu. Amsar da ta dace ga Ingila ko Najeriya 21 ce, kuma ba za ta fito ba sai an rubuta 27 da 28. Alamar gane kuskuren mai sauƙi ce: a goge jerin hutun, idan adadin bai canja ba, to kwanakin asali aka saka, ba ranakun da aka huta ba. Kwana biyun nan suna shiga kuɗin yini, da ragowar hutun shekara na wanda ya ɗauki hutu a makon, da wa'adin kai kaya. Ga reshen Amurka ma amsar 21 ce, amma ranakun da aka cire 24 da 31 ne, kuma ta biyun tana cikin jerin hutun 2022. Manhajar da ke ɗauko hutu shekara-shekara takan tsallake ta.

Na biyu biyan albashi ne. Tsarin Bacs na Birtaniya, wanda ake tura albashi ta banki da shi, kwana uku na aiki yake ɗauka: ranar farko a tura fayil, ta biyu a sarrafa, ta uku kuɗi su shiga asusu. A ce ana son albashi ya shiga Laraba 29 ga Disamba. Wanda ya san Litinin hutu ce amma ya manta da Talata zai ƙirga baya ya ce Laraba ta uku, Talata ta biyu, Juma'a 24 ta farko. Ya tura ranar Juma'a, ba a sarrafa ba sai Laraba, kuɗi suka shiga Alhamis 30. Ƙirgan da ya dace shi ne Laraba 29 ta uku, Juma'a 24 ta biyu, Alhamis 23 ta farko. Kwana shida ke nan kafin ranar biya, a kan aikin da aka saba yi saura kwana biyu.

Na uku shi ne hulɗa tsakanin ƙasashe. Kamfani mai ofis a New York da Landan ya samu kansa a wannan hali: Juma'a 24 Amurka na hutu Landan na aiki, Litinin 27 da Talata 28 Landan na hutu Amurka na aiki, Juma'a 31 kuma ya danganta da wace ƙa'ida ofishin Amurka ke bi, Litinin 3 ga Janairu Landan ta sake rufewa. Idan ofishin Amurka ya bi jadawalin gwamnatin tarayya, tsakanin 24 ga Disamba da 3 ga Janairu ranaku biyu kacal ɓangarorin suka haɗu a bakin aiki, Laraba 29 da Alhamis 30. Kwangilar da ta ce a biya "cikin ranakun aiki uku" ba ta faɗi ranakun aikin wane gari ba, ta buɗe ƙofar gardama, shi ya sa kwangilolin kuɗi ke ambaton sunan birnin da za a bi bankunansa.

Mai tsara jadawali da ke son kauce wa duk wannan yana farawa ne tun farkon shekara: ya fitar da ranakun hutu masu tsayayyen kwanan wata, ya duba ranar mako ta kowace. Wannan layi ya isa, 6 na nufin Asabar, 7 Lahadi:

```
=WEEKDAY(DATE(2027,12,25),2)
```

Duk wadda ta ba da 6 ko 7, sai ya nemi abin da dokar ƙasar ta ce game da ita, Asabar daban Lahadi daban, ya kuma duba ko ranar da za a koma tana da nata hutun. Idan doka ce ke matsarwa, ya rubuta ranar da biro. Idan sai an ayyana, ya rubuta da fensir, ya tsara wanda zai zo aiki ko an bayar ko ba a bayar ba, ya kuma tura albashi kamar an bayar, tunda turawa da wuri ba ta ɓata komai. Layin da ke sama zai ba da 6, domin a Disamban 2027 ranakun za su sake jeruwa daidai yadda suka jeru a 2021.